Alat ya shigo, kuɗi ba su cika ba: yadda za ka bi sawun harajin da aka cire maka a kuɗin kwangila

Idan ka taɓa yi wa wata ƙungiya ko kamfani aiki, wataƙila ka san wannan yanayin. Ka gama aiki, ka miƙa takardar neman biya, ka yi mako uku kana leƙa waya. Ranar da alat ya shigo sai ka ga kuɗin ba su kai abin da aka yi yarjejeniya ba. A ƙasan saƙon, ko a takardar da aka turo maka, akwai wasu haruffa uku: WHT. Ka kira wanda ya haɗa ka da aikin, ya ce maka, "Ai haraji ne, kowa ma ana cire masa." Sai ka haƙura, ka lissafa shi cikin asara.

Ni ma haka na kusa yi a watan Agustan 2025. Wata ƙungiya mai zaman kanta da babban ofishinta ke Abuja ta ɗauke ni in haɗa mata gajeren bidiyo kan wani taron horarwa da ta yi a ƙauyuka biyu. Kuɗin aikin naira 800,000 ne, sai naira 100,000 na mota da masauki da na kashe daga aljihuna bisa sharaɗin za a mayar min. Jimla naira 900,000. Abin da ya shigo asusuna naira 810,000. Ga ɗalibin da ya ari kyamara kuma yake da mai tace hoto da zai sallama, naira 90,000 ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Abin da na koya daga bin sawun kuɗin nan shi nake so in ba ka. A taƙaice, kuɗin da aka cire maka ba tara ba ce, kuma ba su tashi daga naka ba. Ajiya ce aka kai maka wurin hukumar haraji. Amma ajiyar da ba ta da takarda mai sunanka, kusan ɗaya take da kuɗin da suka faɗi a kasuwa.

Mene ne ma wannan harajin?

WHT haraji ne da ake cirewa tun daga tushe. Maimakon gwamnati ta jira ƙarshen shekara ka zo da kanka ka faɗi abin da ka samu, sai doka ta ɗora wa mai biyanka nauyin ya yanki wani kaso, ya kai wa hukumar haraji da sunanka. Wato kamar kafin alƙalami ne na harajin da za a lissafa maka daga baya. Idan lokacin lissafi ya yi, sai a debe abin da aka riga aka cire maka daga abin da ake binka.

Ka lura da wani bambanci a nan. Ana yankar WHT ne daga kuɗin kwangila gaba ɗaya, ba a duba ko ka ci riba ko ka faɗi. Shi kuwa harajin shekara a kan ribarka ake lissafa shi, bayan an cire abin da ka kashe wajen yin aikin. Shi ya sa mai ƙaramar sana'a sau da yawa yakan tarar abin da aka yanka masa ya kai, ko ma ya zarce, harajin da ya kamata ya biya. Idan ba shi da shaida, sai ya biya sau biyu ba tare da ya sani ba.

Ƙa'idojin da aka bi wajen biyana su ne waɗanda gwamnatin tarayya ta fitar a 2024, suka fara aiki gadan-gadan a ranar 1 ga Janairun 2025. Ga mazaunin Najeriya, kaso uku ne suka fi shafar matasa irinmu. Kawo kaya ga wanda ba shi ya ƙera su ba, kashi 2 cikin 100. Aikin ƙwararru, ba da shawara, aikin fasaha da kamasho, kashi 5 cikin 100. Sauran hidimomin da ba a ware musu nasu layi ba, kashi 2 cikin 100. Sannan akwai wani sharaɗi da ya ci ni: idan ba ka da lambar shaidar mai biyan haraji, wato TIN, ana ninka kason sau biyu.

Tambaya ta farko: a kan nawa aka yi lissafin?

Kafin ka kira kowa, ɗauki biro. Cire abin da ya shigo daga abin da ka nema, sai ka raba sakamakon da kuɗin aikinka, ka ninka da 100.

Ni da na yi nawa, naira 900,000 a debe 810,000 ya bar 90,000. Na raba 90,000 da 800,000, wato ainihin kuɗin aikina, sai na samu kashi 11.25. Babu irin wannan kason a jadawalin haraji. Da na raba da 900,000 kuwa, sai ga kashi 10 cif. Nan take na gane cewa an haɗa har kuɗin motar da masaukin aka yanka.

Wannan ita ce dabarar. Duk lokacin da ka samu kaso mai ɓurɓushi, to ko dai an yi lissafin a kan adadin da bai dace ba, ko kuma an cakuɗa wani cire-ciren daban a ciki. Kuɗin da ka kashe daga aljihu domin aikin, waɗanda aka ware su sarai daga kuɗin kwangila, ƙa'idar ta keɓe su, ba a cire musu wannan haraji. Matsalar ita ce ni a takardata na rubuta su a layi biyu, amma ban haɗa rasit ko ɗaya ba. Ga akanta, kuɗin da ba su da rasit kuɗin aiki ne kawai.

Haka abin yake ga wanda takardarsa ke ɗauke da harajin VAT na kashi 7.5. A ce aikinka na naira miliyan ɗaya ne, VAT ya zama 75,000, jimla 1,075,000. Kashi 5 ɗin a kan miliyan ɗayan ake ɗaukarsa, wato 50,000. Idan ka ga an cire 53,750, to an haɗa da VAT aka yanka. Kuma idan ma'aikatar gwamnati ka yi wa aiki, za ka iya ganin an riƙe VAT ɗin kansa da kuɗin hatimi. Waɗannan daban suke, ba sa shiga cikin ajiyar da za a rage maka a harajin shekara. Don haka ka nemi a rarrabe maka kowane cire-cire da sunansa.

Tambaya ta biyu: wane kaso aka yi amfani da shi, kuma me ya sa?

Takardar kwangilata ta kira ni mai ba da shawara kan harkar yaɗa labarai, ke nan ina layin kashi 5. To daga ina kashi 10 ya fito? Hanya biyu ce. Kafin 2025, kamfanoni masu irin wannan aiki kashi 10 ake cire musu, kuma akanta zai iya ci gaba da amfani da tsohon jadawali a kwamfutarsa bai sabunta ba. Hanya ta biyu ita ce ninkin rashin TIN.

Na kira ofishin, aka haɗa ni da akantar, wata dattijuwa mai magana a natse. Bayan gaisuwa na ce, "Hajiya, don Allah bayani nake nema kan abin da aka cire min. Na ga kashi 10 ne, kuma har da kuɗin mota."

Ta ce, "Ƙanena, ga fom ɗinka a gabana. Gurbin TIN ka bar shi fayau. Ni kuma in ban ninka ba, mu za a tuhuma. Na mota kuwa, ina rasit?"

Ba ni da ta cewa, domin gaskiyarta ce. Na tuna lokacin da nake cike fom ɗin na tsallake gurbin, ina ganin ai na 'yan kasuwa ne. Da an bi komai daidai, kashi 5 na 800,000 shi ne 40,000, in karɓi naira 860,000. Gurbi ɗaya da rasit 'yan ƙalilan sun riƙe min naira 50,000 a lokacin da nake tsananin buƙatarsu.

Na tattaro rasit na masauki da takardun mota, na tura mata. Ta mayar min da naira 10,000 da aka yanka a kansu. Amma batun ninki ta ce an riga an rufe bauca, kuma a ranar da aka biya ni ba ni da lambar, don haka 80,000 ɗin sai dai su tafi hukuma. Abin da ta ce in yi shi ne in hanzarta in samo TIN kafin ta aika kuɗin, domin su shiga da lambata.

Ka ga muhimmancin sauri ke nan. Mai biya yana da wa'adin kai kuɗin: idan na hukumar tarayya ne, zuwa ranar 21 ga watan da ke biye, idan na jiha ne, zuwa ranar 30. Ni an biya ni a Agusta, don haka akwai dama har ƙarshen Satumba. Kafin kuɗin su bar hannun mai biya, gyara na iya zama kiran waya ɗaya. Bayan sun tafi kuwa, sai rubuce-rubuce da zarya.

Wani abin lura kuma shi ne sunan da aka ba aikinka a takardar kwangila yana iya sauya kason. Wanda aka ɗauka ya kawo jakunkuna da littattafan rubutu na taro, kashi 2 ne nasa, bai kamata a saka shi layin ƙwararru ba. Idan kwangilarka ta haɗa kawo kaya da aikin ƙwarewa, raba su layi-layi a takardar neman biya, kowanne da farashinsa. In ka dunƙule su, akanta zai fi karkata ga kaso mafi girma domin ya kare kansa.

Tambaya ta uku: ina aka kai, kuma da sunan wa?

A nan ne kuɗin mutane suka fi salwanta. Idan kai mutum ne kawai, ko kana da sunan kasuwanci da ka yi wa rajista amma ba kamfani mai zaman kansa ba, harajinka na jihar da kake zaune ne. Mazaunin Kano, nasa na hukumar KIRS ne. Na Kaduna, KADIRS. Mazaunin Abuja, hukumar harajin Babban Birnin Tarayya. Idan kuwa cikakken kamfani ne, nasa na hukumar tarayya ne, wadda aka sani da FIRS, aka kuma sauya mata suna zuwa NRS a ƙarƙashin sababbin dokokin haraji da suka fara aiki a Janairun 2026.

Ofishin da ya biya ni yana Abuja, ni kuma a Kano nake zaune. Da ban faɗa wa Hajiya ba, abu ne mai sauƙi a jefa sunana cikin jerin mutanen Abuja. Kuɗin sun shiga aljihun gwamnati, amma ba a inda za a lissafa min haraji ba. Don haka tun a fom ka rubuta adireshin inda kake zaune da gaske, ka kuma tambaya ƙarara: wace hukuma za a kai wa?

Sai batun suna. Da yawa daga cikinmu mukan ari takardun kamfanin wani yaya ko aboki mu nemi aiki. Ka sani, in ka yi haka, ajiyar harajin ta mai kamfanin ce, ba taka ba. Kai ka yi gumin, a kuɗinka aka yanka, amma sunansa ne a takarda. Ko ku daidaita wannan tun farko, ko ka nemi aikin da sunanka. Haka nan ka tabbata sunan da ke kan kwangila, da na asusun banki, da na TIN duk ɗaya ne. Harafi ɗaya a lambar TIN in ya kauce, kuɗinka sun tafi shafin wani ko sun maƙale ba mai su.

Takardar da ake nema

Alat na banki ba shaida ba ne, domin abin da ya shigo kawai yake nunawa. Saƙon "an cire maka haraji" a waya ma ba shaida ba ne. Abin da ƙa'idar ta wajabta wa mai biya shi ne ya ba ka rasit na harajin da ya cire. Idan ya zo hannunka, duba abubuwa biyar: sunanka da adireshinka, lambarka ta TIN, irin aikin da aka yi, jimlar kuɗin da abin da aka cire, da watan da aka yi biyan.

Akwai wani tarko a nan. Ƙungiyoyi ba sa kai harajin kowa shi kaɗai. Sukan tara na duk waɗanda suka biya a wata, su biya dunƙule, su haɗa da jerin sunaye. Takardar farko da aka turo min irin wannan ce: shaidar biyan kuɗi masu yawa, da sunan ƙungiyar a sama, ba sunana ko'ina. Wannan takarda tana kare su ne, ba ni ba. Na sake komawa na ce, "Hajiya, a taimaka min da wadda sunana ke ciki." Sai a watan Oktoba na samu rasit mai sunana da lambata da naira 80,000, tare da shafin jerin sunayen da layina yake.

Idan kana da cikakken kamfani, akwai ƙarin hanyar tabbatarwa. Hukumar tarayya tana da manhaja, inda harajin da aka kai da lambar kamfani yake bayyana a shafinsa. Idan wa'adi ya wuce da makonni ba ka ga komai ba, alama ce ta ɗayan uku: ba a kai ba, an kai da lambar da ba daidai ba, ko an kai ba tare da jerin sunaye ba. Mu masu hulɗa da hukumar jiha kuwa, hanya mafi tabbas ita ce ka ɗauki rasit ɗin ka je ofishin harajin yankinka a duba maka ko ya shiga bayananka.

To idan an cire, an ba ka rasit, amma ba a kai kuɗin ba fa? Ƙa'idar 2024 ta tsaya wa wanda aka cire wa: hukuma za ta lissafa maka abin da ke kan rasit ɗin, bashin kuma ya koma wuyan wanda ya cire bai kai ba. Ka ga ke nan rasit ɗin shi ne komai. Ba shi, maganarka ce kawai da tasu.

Wannan ma zai taimake ka ka gane mai yankan baya. Ba kowa doka ta ɗora wa cirewa ba. Mutum ɗaya da ya ɗauke ka hoton bikinsa ba shi da hurumin cire maka WHT. Ƙaramin kamfani ma an ɗauke masa nauyin cirewa idan kana da TIN kuma cinikinku a watan bai wuce naira miliyan 2 ba. Duk wanda ya ce ya cire maka haraji amma da ka nemi rasit ya fara kame-kame, ka san inda kuɗin suka nufa.

Littafin da za ka buɗe yau

Ba sai ka sayi manhaja ba. Littafin rubutu ɗaya ko shafi ɗaya a waya ya wadatar, kowane biya layi ɗaya. Ga yadda layina yake: watan biya, Agustan 2025, wanda ya biya da lambarsa ta TIN, lambar takardar neman biya, jimla 900,000, adadin da aka yi lissafi a kai 800,000, kaso 10, an cire 80,000, na karɓa 820,000, hukumar da aka kai wa, lambar rasit, sai gurbi na ƙarshe, "an yi amfani da shi ko ba a yi ba". Gurbin lambar rasit shi ne mai gadinka. Duk layin da ya zauna fayau bayan wa'adi ya wuce, kira ne ke jiranka.

A bayan kowane layi ka ajiye takardu biyar wuri ɗaya: takardar kwangila, takardar neman biya, bayanin biya mai nuna cire-cire, shafin bayanin asusun banki, da rasit ɗin haraji. Ka ɗauki hotonsu ka tura wa kanka ta imel, domin waya na ɓata, wasu rasit kuma rubutunsu na dusashewa. Kada ka zubar da su don shekara ta ƙare. Doka na son a riƙe irin waɗannan bayanai aƙalla shekara shida.

Ka haɗa da rasit na abin da ka kashe: hayar kyamara, ladan mai tace hoto, data. Su ne za su rage ribar da za a ɗora wa haraji.

Ranar da takardar za ta yi magana

Mai zaman kansa yana miƙa bayanin abin da ya samu a shekarar da ta gabata zuwa ranar 31 ga Maris. Kamfani kuma cikin wata shida bayan rufe littafinsa na shekara. A nan ne ajiyar ke dawowa.

Mu ɗauki misali. A ce bayan an haɗa duk ayyukan da ka yi a shekara, an cire abin da ka kashe, harajinka ya tashi naira 65,000. Idan kana da rasit na 80,000 irin nawa, ba za ka ƙara sisi ba, har ma kana da rarar 15,000 da za ka nemi a tura maka gaba ko a mayar maka. Idan ba ka da shi, za ka zaro 65,000 daga aljihu, bayan 80,000 da aka riga aka yanka. Aiki ɗaya, mutum ɗaya, amma takarda guda ta raba tsakanin biyan 80,000 da biyan 145,000.

Kada ka ce ai kai ba ka kai a neme ka ba. Ranar da za ka nemi kwangilar gwamnati ko wani babban aiki, za a tambaye ka takardar shaidar biyan haraji, wadda ke duba shekaru uku na baya. A ranar ne za ka so a ce kowane yanka da aka yi maka tun kana ɗalibi yana rubuce da sunanka. Komawa wurin ƙungiyar da ka yi wa aiki shekara biyu da suka wuce ba abu ne mai sauƙi ba: akantan ya sauya aiki, shirin ya ƙare, wani lokaci ofishin ma an rufe shi.

Aikin da na samu bayan wannan na naira 300,000 ne. Na rubuta TIN a saman takardar neman biya, na tambayi kason tun kafin in sa hannu. An cire 15,000, alat ya nuna 285,000, lissafina da nasu ya zo ɗaya. Rasit ɗinsa ne dai har yanzu gurbinsa ke fayau a littafina, kuma ranar Litinin zan sake kira. Kai ma buɗe alat ɗinka na ƙarshe, ka yi rabawar nan, ka ga kaso nawa zai fito.